Yadda Ake Bitar Ƙarshen Lokacin Gwajin Sabon Ma'aikaci: Tabbatar da Shi ko Ƙara Masa Wa'adi

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa kula da ma'aikata ne a kamfani mai zaman kansa, ko makaranta, ko asibitin kuɗi, ko babban shago, wanda sabon ma'aikacinsa ya kusa cika lokacin gwaji, kuma ake jiran ya faɗi abin da za a yi da shi. Na daɗe ina wannan aiki a Jos, kuma abin da na fi gani yana ɓata shi shi ne yadda ake mayar da ƙarin wa'adi mafakar shugaban da ya kasa yanke shawara. Ƙarin wa'adi yana da muhallinsa, amma muhallin ƙunci ne da shi. Ba ya halatta sai idan za ka iya faɗin takamaiman abin da ma'aikacin ya gaza a kai, kuma abin na koyo ne, kuma watannin da za ka ƙara za su nuna maka wani abu da ba ka sani ba a yau. Aikin gwamnatin tarayya yana da nasa tsarin, inda gwaji yake ɗaukar shekara 2 bisa ƙa'idojin aikin gwamnati, saboda haka ba shi nake magana a kai ba.

Abubuwan da za ka tanada

Abu na farko shi ne takardar ɗaukar aiki da ma'aikacin ya sa wa hannu, domin ita ce take faɗin ranar da ya fara, da tsawon gwajin, da yawan sanarwar da za a bayar kafin sallama, da kuma ko an yarda a ƙara wa'adi. Sai bayanin ayyukan da aka ɗauke shi ya yi, tare da duk wani ma'auni da aka gindaya masa a makonninsa na farko. Sai rajistar zuwa aiki ta dukan watannin. Sai shaidar aikin kansa, wadda take bambanta bisa sana'a: ga mai kula da sito, takardun ƙidayar kaya da webil wato takardar rakiyar kaya, ga malamin makaranta, littafin shirin darasi da sakamakon ɗalibai, ga mai karɓar kuɗi, lissafin rufe akwati na kullum. Ka haɗa da duk wata takardar tuhuma ko ta gargaɗi da aka taɓa ba shi, da amsar da ya bayar. Daga ƙarshe kana bukatar ɗaki mai ƙofa da ba za a riƙa leƙowa ba, da sa'a guda wadda ba za ka ɗauki waya a cikinta ba, da mutum na uku wanda zai zauna ya rubuta abin da aka tattauna.

Idan ka buɗe fayil ka tarar babu takardar ɗaukar aiki kwata-kwata, wanda yakan faru a kasuwancin iyali inda aka ɗauki mutum da baki, to gyaran nan shi ne aikinka na farko. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Wanda bai ba da takarda ba, zai yi masa wuya ya nuna cewa an taɓa yin maganar gwaji tun asali.

Mataki na 1: Gano ranar ƙarewa, ka ƙirga baya

Dokar Ƙwadago ba ta ƙayyade tsawon lokacin gwaji ba, ta bar shi ga yarjejeniya, kuma a kamfanoni an fi yin wata 3 ko wata 6. Karanta takardar ka fitar da ranar ƙarewa da lambarta. Wanda ya fara aiki ranar 1 ga Maris a kan gwajin wata 6, gwajinsa zai ƙare ranar 31 ga Agusta. Daga wannan rana ka ƙirga mako huɗu baya, ka fara tattara takardu a farkon Agusta, ka yi zaman bita a tsakiyar wata, sannan takardar hukunci ta shiga hannunsa aƙalla mako guda kafin wata ya ƙare.

Dalilin wannan gaggawa shi ne shiru ma hukunci ne. Idan ranar ta wuce, ma'aikaci ya ci gaba da zuwa, kai kuma ka ci gaba da biyansa albashi ba tare da ka ce masa komai ba, kotu tana iya ɗauka cewa ka tabbatar da shi ta hanyar aikinka, ko da ba ka rubuta ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan hanya a shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo a 1991, kuma har yanzu lauyoyi suna kafa hujja da ita a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda hedikwatarta take Abuja, tana kuma da reshe a nan Jos. Saboda haka takardar ƙarin wa'adi da aka rubuta a watan Oktoba a kan gwajin da ya ƙare a Agusta, takarda ce mai rauni ƙwarai.

A wannan mataki ne kuma za ka duba ko takardar ɗaukar aiki ta ba kamfani ikon ƙara wa'adi. Idan ta ba shi, ka bi iyakar da ta faɗa. Idan ba ta ambaci ƙari ba, to ƙarin ya zama sauya yarjejeniya, kuma ba a sauya yarjejeniya da hannu ɗaya: sai ma'aikacin ya amince a rubuce kafin ranar ƙarewa.

Mataki na 2: Auna aikin da abin da aka ce masa ya yi

Nan ne aikin yake, kuma zan bi shi da misali guda har ƙarshe. Mu ɗauki kamfanin da yake rarraba kayan masarufi a Jos, irin su taliya da man girki da madara da sabulu, wanda motocinsa suke kai kaya Bukuru da Barkin Ladi da Mangu da Pankshin. Kamfanin ya ɗauki wani matashi a matsayin mai kula da sito ranar 1 ga Maris, gwajin wata 6. A makonsa na farko an rubuta masa abubuwa huɗu: bambanci tsakanin kayan da ke littafi da waɗanda aka ƙidaya a ƙasa kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajar kayan, duk kayan da suka shiga ko suka fita a shigar da su kwamfuta a ranar, a gama lodin motoci kafin ƙarfe 9 na safe, rahoton mako ya isa teburin akanta ranar Litinin kafin azahar.

Ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku, ka rubuta ma'auni a gida na farko, abin da ya faru a na biyu, da inda ka samo shaidar a na uku. Duk abin da ka kasa cike masa gida na uku, ka cire shi daga bitar. Kalmomi irin su "ba shi da kuzari" ko "yana da girman kai" ba su da gida na uku, domin ba za ka iya nuna rana da wuri ba. Amma "motar Pankshin ta tashi bayan ƙarfe 10 sau huɗu a watan Afrilu" magana ce da littafin mai gadi zai gaskata ko ya ƙaryata.

A misalinmu, a ce darajar kayan da ke sito tana kai naira miliyan 20, saboda haka iyakar bambancin da aka yarda da shi naira 100,000 ne a kowace ƙidaya. Ƙidayar ƙarshen Maris ta nuna bambancin 240,000, ta Afrilu 180,000, ta Mayu 140,000, ta Yuni 80,000, sannan ta Yuli ta koma 120,000. Lodi yana ƙarewa a kan lokaci kusan kullum tun daga Mayu. Rajista ta nuna bai taɓa fashi ba, makararsa uku ce a wata biyar. Rahoton mako kuwa rabinsa yana zuwa a makare, kuma shigar da kaya kwamfuta yakan kwana biyu ko uku a baya.

Wanda ya kalli lambobin nan da gaggawa zai ce mutumin ya faɗi, tunda sau ɗaya kawai ya cika ma'aunin ƙidaya cikin biyar. Kada ka tsaya a nan. Abu biyu ake karantawa a lambobi: inda suka dosa, da abin da ya haddasa su. Inda suka dosa a bayyane yake, daga 240,000 an sauko zuwa rabi, ko da yake Yuli ta nuna ƙafar ba ta gama tsayawa ba. Abin da ya haddasa su kuwa sai ka zauna da akanta ku bi takardun ƙidaya layi-layi. A irin wannan sito, abin da aka fi tararwa shi ne kuskuren ma'auni wajen shigarwa: an karɓi katan 10 na madara, an shigar da shi a matsayin ƙulli 10, ko an fitar da rabin katan ga ƙaramin dillali, an rage katan guda cur a littafi. Alamar irin wannan kuskure ita ce bambancin yana tafiya ta fuska biyu, wani kaya ya yi rara, wani ya yi giɓi, kuma idan aka bi webil ana gano inda lambar ta karkace. Idan kuwa giɓi ne kullum, a kan kaya masu tsada da sauƙin sayarwa kamar man girki, kuma babu takardar da ta yi bayaninsa, to wannan wata magana ce dabam, za mu zo kanta.

Mataki na 3: Bincika abin da kamfani ya gaza yi masa

Shugabanni da yawa suna tsallake wannan mataki domin yana taɓa su. Ka tambayi kanka ko an ba shi kayan aikin da aka yi alkawari, ko wani ya zauna ya koya masa, da kuma ko an taɓa faɗa masa yana kuskure kafin yau. A misalinmu, a ce kwamfutar sito ba ta iso ba sai a watan Mayu, kuma wanda ya kamata ya koya masa manhajar lissafin kaya ya nuna masa sau ɗaya a tsaye ya tafi. Ma'ana, a cikin wata biyar da kake aunawa, wata biyu ya yi su da biro da littafi, sauran ukun kuma yana koya wa kansa. Haka nan a duba makararsa uku: idan biyu sun faɗo a ranakun da aka sa dokar hana fita a wani ɓangaren gari, ko aka rufe hanya, ba za a lissafa su a kansa ba.

Haka ma idan ma'aikaci ya yi jinya mai tsawo, ko ma'aikaciya ta tafi hutun haihuwa a tsakiyar gwaji. Rashin ganin aikin mutum dalili ne na ƙara lokaci daidai da kwanakin da aka rasa, amma kada a rubuta shi a matsayin gazawarsa.

Mataki na 4: Ji daga waɗanda suke aiki da shi

Mutum biyu ko uku sun isa, kuma ka zaɓi waɗanda aikinsa yake shafar nasu kai tsaye: akanta, da direba ɗaya, da mai kula da ciniki. Kada ka tambaye su "yaya kuke ganin yaron nan", domin amsar da za ka samu ita ce "ba shi da matsala" daga mai kawaici, ko kuma dogon ƙorafi daga wanda ya so a ɗauki ƙaninsa a gurbin. Tambayi direba sau nawa ya koma da kaya saboda lodi bai yi daidai da webil ba. Tambayi akanta ko idan ya nuna masa kuskure yana maimaita shi a mako na gaba. Amsar wannan tambaya ta biyu tana da nauyi fiye da kusan komai a bitar, domin ita ce take bambanta mai koyo da wanda ba ya ɗaukar gyara.

Ka yi hattara da mai sito da direbobi suka yi wa ca. Wani lokaci laifinsa shi ne ya hana fitar da kaya ba takarda, abin da suka saba yi da wanda ya gabace shi. A gari irin Jos, inda ma'aikata suke haɗe da ƙabilu da addinai daban-daban, ka kuma tace duk maganar da ta zo maka, ka tabbata a kan aiki take. Sannan akwai wanda ya kawo shi, wataƙila aminin mai kamfani ne ko wani dattijon unguwa. Idan ya kira ka, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa ana kan dubawa kuma za a yi adalci, amma kada ka buɗe masa abin da ke cikin fayil.

Mataki na 5: Zaman bita

Sanar da shi kwana uku ko huɗu kafin zaman, ka faɗa masa abin da za a tattauna, ka ce ya zo da nasa bayanin: abin da yake ganin ya iya, da abin da yake ba shi wahala, da abin da yake bukata. Kada ka sa zaman dab da sallar Juma'a ko dab da tashi, lokacin da hankalin kowa yake kan ƙofa.

Bayan gaisuwa, ka bar shi ya fara magana. Sabon ma'aikaci yakan shigo a tsorace, kuma da yawa za su ce "Yallabai, komai lafiya, duk yadda kuka yi daidai ne." Kada ka karɓi wannan a matsayin amsa. Ka ɗauko takardar ƙidayar Yuli ka ajiye a gabansa, ka ce, "Malam, duba layin madarar nan, kwamfuta ta ce 46, ƙasa ta ce 40. Bi da ni yadda aka yi." Yadda zai amsa zai nuna maka abubuwa da yawa. Mai sito da ya san aikinsa zai jawo takardar, ya bi da yatsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar nan motar Mangu ta ɗauki katan shida da yamma bayan an ɗauke wuta, na rubuta a littafi, ban shigar a kwamfuta ba sai bayan ƙidaya." Wannan amsa ce da za a iya bin sawunta cikin minti biyar. Wanda kuwa zai ce ai tun kafin ya zo haka kayan suke, ko ya ɗora wa 'yan dako, ba tare da ya kalli takardar ba, ya ba ka wani labarin dabam game da kansa.

Ka faɗi abin da ya yi daidai da lambobinsa, kamar yadda za ka faɗi inda ya gaza da lambobinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka kada kunya ta sa ka lulluɓe gazawar da kalmomi masu daɗi har ya fita yana zaton an tabbatar da shi. Ka kuma amsa abin da yake na kamfani a fili, ka ce kwamfuta ta zo a makare kuma ba a koya masa yadda ya kamata ba. Abin da bai kamata ya fito a wannan zama ba shi ne sabon zargi da bai taɓa ji ba. Idan akwai irinsa, a ba shi a rubuce, a ba shi lokaci ya amsa.

Kada ka yanke hukunci a cikin ɗakin. Ka faɗa masa ranar da zai karɓi takarda, mai rubutu ya karanta abin da ya rubuta, ku uku ku sa hannu.

Mataki na 6: Yanke shawara

Ka raba duk gazawar da ka gano gida biyu. Akwai gazawar iyawa, wato abin da mutum bai ƙware a kai ba tukuna amma ana koyonsa, kamar manhaja, ko tsara rahoto, ko sanin kayan kamfani. Akwai kuma gazawar hali, kamar ƙarya a takarda, da taɓa dukiya, da fashin aiki ba dalili, da cin mutuncin abokan ciniki bayan an yi gargaɗi. Ƙarin wa'adi maganin kashi na farko ne kawai. Mutumin da aka kama ya sa hannun direba a webil ɗin da direban bai gani ba, wata biyu ba za su sauya shi ba, abin da za su koya masa shi ne ya ƙara iya ɓoyewa har takardar tabbatarwa ta fito. Irin wannan ana bi da shi ta hanyar ladabtarwa: takardar tuhuma, da amsarsa, da hukunci.

Ka tabbatar da ma'aikaci idan ya cika manyan ma'aunai, ko da akwai ƙananan abubuwan da suka rage. Ba a jiran mutum ya zama marar aibi kafin a tabbatar da shi, tunda tsofaffin ma'aikatanka ma suna da nasu. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: da a ce wannan giɓi a jikin ma'aikacin da ya shekara uku yake, zan yi tunanin sallamarsa, ko kuwa zan kira shi in gyara masa ne kawai? Idan gyara ne kawai, to a tabbatar da shi, a rubuta gyaran a cikin abin da zai sa a gaba.

Ka ƙara wa'adi idan abubuwa uku sun haɗu: giɓin yana cikin zuciyar aikin, akwai shaidar cewa yana raguwa, kuma za ka iya rubuta a jimla ɗaya abin da kake son gani a ƙarshen ƙarin. Mai sitonmu ya cika ukun. Daidaiton lissafin kaya shi ne ainihin aikin mai sito, saboda haka ba za a kau da kai daga 120,000 na Yuli ba. Amma lambobin suna saukowa, kuskuren na shigarwa ne, yana ɗaukar gyara, kuma wata uku kacal ya yi da kwamfuta. Abin da ba ka sani ba a yau shi ne ko zai iya riƙe bambancin a ƙasa da 100,000 sau biyu a jere bayan an koya masa da kyau. Ƙidaya biyu suna bukatar wata biyu, saboda haka ƙarin wata 2 ne, zuwa 31 ga Oktoba. Aikin ne yake faɗin tsawon ƙarin, ba a ɗauko wata 6 a sake ɗorawa don kawai haka aka fara.

Akwai dalilan ƙari da ba su da kyau, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya ji su. Wani zai ce a ƙara masa domin kada a fara biyan ƙarin albashin da aka yi alkawari bayan tabbatarwa. Wani zai ce manaja ya yi tafiya, ba a samu zama ba. Wani kuma ya riga ya san ba zai riƙe mutumin ba, amma yana jin nauyin wanda ya kawo shi, sai ya ƙara wata uku yana fatan ya gaji ya tafi da kansa. Na ƙarshen nan ya fi muni, domin an cinye wa bawan Allah watannin da zai nemi wani aiki.

Idan shaida ta nuna ba zai iya ba, hanya ta uku ita ce rabuwa. Kotun Ƙoli, a shari'ar Ihezukwu da Jami'ar Jos a 1990, ta tabbatar da cewa mai ɗaukar aiki yana da ikon ƙin tabbatar da wanda yake kan gwaji, matuƙar ya bi sharuɗɗan yarjejeniya. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin sanarwa kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, da mako 1 a rubuce ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Idan takardar ɗaukar aiki ta faɗi fiye da haka, ita za a bi. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis; manyan ma'aikata da ƙwararru yarjejeniyarsu ce take hukunta su. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ƙara duba ko akwai ingantaccen dalili a bayan sallama, saboda haka takardar nan mai gida uku ka adana ta da kyau, kuma kafin ka sallami babban ma'aikaci ka nuna wa lauya.

Mataki na 7: Rubuta takardar

Takardar tabbatarwa gajeriya ce. Ta faɗi muƙamin, da ranar da tabbatarwar ta fara aiki, da duk abin da ya sauya na albashi ko alawus ko tsawon sanarwa. Ka aika kwafi ga akanta a ranar, domin ƙorafin da ya fi yawa bayan tabbatarwa shi ne albashin wata na gaba ya fito da tsohon lissafi. Ka kuma duba maganar fansho. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, kamfanin da dokar ta shafa yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, kuma kasancewar mutum a kan gwaji ba hujja ba ce ta jinkirta masa.

Takardar ƙarin wa'adi ta fi bukatar kulawa. Yawanci da Turanci ake rubuta ta, amma ka karanta masa ma'anarta da harshen da ya fi ganewa. Ta mai sitonmu za ta ƙunshi cewa an ƙara gwajinsa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Oktoba. Cewa ana bukatar ƙidayar ƙarshen Satumba da ta ƙarshen Oktoba kowace kada bambancinta ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100. Cewa kayan kowace rana a shigar da su kafin a rufe sito, in kuma babu wuta, kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Cewa akanta zai zauna da shi sa'a biyu kowace Talata a makonni huɗu na farko. Cewa za a zauna duba ci gaba kowane mako biyu. Da cewa idan ya cika waɗannan za a tabbatar da shi, idan bai cika ba za a kawo ƙarshen aikin bisa sharuɗɗan takardar ɗaukarsa. Ka lura da wata matsala a nan: ƙidayar ƙarshen Oktoba za ta faɗo a ranar da wa'adin yake ƙarewa, ba za ta bar maka lokacin hukunci ba. Sai ka matso da ita zuwa wajen 20 ga wata, ka rubuta hakan a takardar. Ya sa hannu a kwafi biyu da kwanan wata, ɗaya nasa, ɗaya na fayil.

Kada ka ƙara sabon ma'auni da ba ya cikin na asali, kuma kada ka rage masa albashi a lokacin ƙarin.

Idan ba a taɓa gindaya masa ma'auni ba

Sau da yawa za ka gaji ma'aikacin da aka ce masa kawai "ga sito nan, ka kula da shi." A nan ba ka da abin aunawa, kuma ba adalci ba ne ka ƙirƙiro ma'auni a watan ƙarshe ka ce ya faɗi. Ka duba abin da mai irin muƙaminsa yake yi a kamfanin, ko abin da wanda ya gabace shi yake kaiwa, ka auna shi da wannan. Idan ya yi kusa kuma babu matsalar hali, ka tabbatar da shi, ka rubuta masa ma'aunan a takarda ta dabam. Idan akwai shakka ta gaske a kan zuciyar aikin, ka ƙara ɗan gajeren wa'adi da amincewarsa, ka rubuta a fili cewa dalilin ƙarin shi ne kamfani bai bayyana masa ma'auni tun farko ba. Idan kuma kamfanin ƙarami ne, babu sashen ma'aikata, akanta ko wani babban ma'aikaci da ba shi da hannu a maganar zai iya zama mai rubutu a zaman.

Mataki na 8: Bin ƙarin har ƙarshensa

Ka sa ranakun zaman mako biyu-biyu a kalandarka tun ranar da ya sa hannu. Minti ashirin sun isa kowane zama: a duba lambobin, a rubuta layi uku ko huɗu, a sa hannu. Ka tabbata akanta yana zuwa ranar Talata, domin idan kamfani ya sake saɓa alkawarin koyarwa, ƙarin ya tashi a banza, kuma ba ka da bakin cewa ma'aikacin ya gaza.

A ce ƙidayar Satumba ta nuna 70,000, ta 20 ga Oktoba ta nuna 60,000, to takardar tabbatarwa ta fita a makon, ba sai an jira 31 ga wata ba. A ce kuma ta Satumba ta nuna 90,000, ta Oktoba ta haura 150,000 da irin kuskuren katan da ƙulli da aka yi wata biyu ana gyara masa, to ka sami amsar da ka ƙara wa'adin domin ta, sai a ba shi sanarwa a rubuce, a biya shi duk haƙƙoƙinsa har ranar ƙarshe, a karɓi makullan sito bayan an yi ƙidayar miƙa aiki a gabansa da gaban akanta. Ƙari na biyu ba na ba da shawararsa, sai dai idan jinya ko rufe kamfani ne ya cinye watannin ƙarin na farko, kuma ko a nan kwanakin da aka rasa kawai ake mayarwa.